Daga Koke Zuwa Magani: Yadda Likita Ke Tsara Rubutunsa a Fayil ɗin Majiyyaci

Mai hawan jini ko ciwon suga da ke zuwa asibitin gwamnati duk bayan 'yan makonni ya san cewa ba lallai ne likitan da ya gani wancan karon shi zai tarar yau ba. Aiki na juyawa, ana sauya wa likitoci sashe, wasu na tafiya hutu, wasu na barin garin baki ɗaya. Abin da ke bin majiyyaci daga wannan hannu zuwa wancan shi ne fayil ɗinsa. Likitan yau yana da 'yan mintuna kaɗan ya buɗe shi, ya fahimci abin da na baya ya gani, da abin da ya yi zato, da dalilin da ya sa ya rubuta maganin da ya rubuta. Idan rubutun ya faɗi duk waɗannan, jinya ta ɗora daga inda ta tsaya. Idan kuwa sunan cuta da sunan magani kawai ya tarar, to ko dai ya fara bincike daga tushe, ko kuma ya ci gaba da maganin da bai san hujjarsa ba.

Rubutun da likita ke yi duk lokacin da ya sake duba majiyyaci, ko a zagayen safe a ɗakin kwanciya ko a ranar da aka ba mutum ya dawo, shi ne rubutun bibiya. Tsarin da ya fi yaɗuwa wajen yin sa ana kiran sa SOAP, haruffan farko na kanun nan huɗu da ake gani a takarda ko a fuskar kwamfutar asibiti: Subjective, Objective, Assessment, Plan. Na farko abin da majiyyaci ya faɗa ne da bakinsa. Na biyu abin da ma'aikacin lafiya ya gani, ya taɓa, ya saurara, ya auna. Na uku fahimtarsa game da abin da ke faruwa. Na huɗu matakin da za a ɗauka.

Haddace kanun huɗu ba shi da wuya, ɗalibin jinya zai iya yi a rana ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin da ke tsakaninsu. Rubutu mai kyau shi ne wanda duk abin da aka faɗa a sashe na uku za a iya nuna hujjarsa a na ɗaya da na biyu, kuma duk umarnin da ke na huɗu za a iya nuna matsalar da ta haife shi a na uku.

Asalin tsarin

Wani likita ɗan Amurka, Lawrence Weed, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 2017, shi ya fito da wannan tsari. Ya yi aikin bincike a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda doka ce mutum ya rubuta tambayar da yake bi, da abin da ya auna, da abin da ya fahimta daga awon. Da ya dubi fayil-fayil na asibiti sai ya ga ba haka suke ba. An jera takardu ne bisa wanda ya rubuta su: na likita a gefe guda, na nas a gefe guda, sakamakon gwaji a wani wuri, babu abin da ke nuna wane gwaji aka yi saboda wace matsala. A 1968 ya wallafa maƙala a mujallar likitoci ta New England, inda ya kawo shawarar a gina fayil bisa matsalolin majiyyaci: a lissafa su, a ba kowace lamba, sannan duk rubutun bibiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan babban tsari ne SOAP ya fito.

Manufar Weed ita ce tunanin likita ya fito fili, yadda wani zai iya bin sawunsa ya ga ko ya tsaya da ƙafafunsa. Abin ya yi kama da zaman kotu: ana sauraron mai ƙara, a duba shaidu, sannan alƙali ya yanke hukunci yana ambaton shaidar da ya dogara da ita. Hukuncin da bai ambaci shaida ba, ko da daidai ne, babu mai iya tabbatar da shi, kuma idan kuskure ne babu mai iya gano inda aka kauce.

Misali guda, rubutu biyu

Ga misalin da aka tsara don bayani, irin wanda ake gani kullum a ɗakin masu hawan jini. A asibiti da Turanci da gajerun alamomi ake rubutawa, amma a nan za mu kawo shi da Hausa.

Wata mata ce mai shekara 56, mu kira ta Hajiya. Wata uku da suka wuce an auna jininta aka samu 164/100 alhali tana shan amlodifin miligiram 5 kullum, sai aka ƙara mata zuwa miligiram 10. Da ta dawo makonni shida da suka wuce an samu 136/84, wato ƙasa da 140/90 da ake so, aka ba ta ƙwaya 42 aka ce ta dawo yau. Yau ta zo da kumburin ƙafa, jinin kuma ya koma 158/96.

Rubutu na farko, irin wanda gaggawa ke haifarwa, ga yadda yake. A sashen koke: kumburin ƙafa. A sashen awo: jini 158/96, ƙafafu a kumbure. A sashen fahimta: hawan jini bai sauka ba, ana zargin gazawar zuciya. A sashen mataki: ta ci gaba da amlodifin miligiram 10, a ƙara furusemaid miligiram 40, ta dawo bayan wata uku.

Kanun huɗu duk suna nan, kuma babu ƙarya a ciki. Amma a bi shi daga ƙasa zuwa sama. Furusemaid magani ne mai sa fitsari, an rubuta shi ne saboda zargin gazawar zuciya. To ina hujjar wannan zargi? Mai gazawar zuciya yakan yi haki idan ya yi tafiya, numfashinsa kan toshe idan ya kwanta a miƙe, jijiyoyin wuyansa kan cika, a kan ji alamar ruwa a huhunsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a rubutun, ba a ce akwai su ba, ba a ce babu su ba. Mai karatu ba zai san ko an duba ba a samu ba ne, ko kuwa ba a duba ba. Sannan maganar cewa jini bai sauka ba maimaita awo ne kawai da kalmomi. Ba a ce komai ba game da dalilin da ya sa jinin da ya sauka makonni shida da suka wuce ya sake tashi.

Yanzu ga rubutu na biyu a kan wannan matar dai, a wannan ranar dai.

Abin da Hajiya ta faɗa

Likita ya tambaye ta, «Hajiya, yaushe kika fara ganin kumburin nan?» Ta ce kwanaki kaɗan bayan zuwanta na ƙarshe, ƙafafu biyun duka, da yamma ya fi yawa, da safe kuma ya sassauta. Ya ce, «Maganin fa, kullum ake sha?» Sai ta ce, «Gaskiya likita, da na ga ƙafar tana ta hawa sai na ajiye shi sati biyu, kuma sai ta saɓe. Yanzu jefi-jefi nake sha.» Da ya tambayi ko tana shan wani abu daban, ta ambaci maganin ciwon gwiwa da take saya a kemis, daikulofenak, safe da dare, kusan wata guda ke nan.

A sashen koke ya rubuta waɗannan duka a jere bisa lokacin da suka faru: kumburi ya fara kimanin makonni biyar zuwa shida da suka wuce, ta daina amlodifin makonni huɗu da suka wuce har tsawon mako biyu, kumburi ya tafi, ta koma sha sau ɗaya a kwana biyu ko uku, kumburi ya fara dawowa, ta fara daikulofenak makonni huɗu da suka wuce. Sannan ya ƙara abubuwan da ta ce babu: ba ta haki, matashi ɗaya take kwana a kai, numfashi ba ya tashin ta da dare, fitsarinta bai ragu ba kuma ba ya kumfa, babu ciwon ƙirji. Ya kuma rubuta cewa ta daina al'ada shekara shida da suka wuce.

Waɗannan «babu» ɗin ba cika takarda ba ne. Likita ya tambaye su ne domin tun yana sauraro yana lissafa abubuwan da ke kumbura ƙafa: zuciya, ƙoda, hanta, toshewar jijiya, ko magani. Kowace tambaya tana gwada ɗaya daga cikinsu. Idan ya tambaya bai rubuta amsar ba, wanda zai karanta gobe bai da hanyar sanin an rufe wannan ƙofar.

Akwai wani tarko a wannan sashe da ya fi kama mu a ƙasar Hausa. Majiyyaci da Hausa yake magana, fayil kuwa da Turanci ake rubuta shi a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, don haka likita yana fassara yana rubutu a lokaci guda. Sau da yawa kuma mutum da sunan cuta yake shigowa, ba da alamominta ba: «taifot nake yi», «olsa ce ta tashi», «sanyi ne ya kama ni». Idan aka ɗauki wannan suna aka rubuta shi kamar tabbataccen abu, zato ya shiga fayil ta ƙofar baya, kuma zai iya bin mutum shekaru. Abin da ya dace shi ne a rubuta cewa majiyyaci ya ce yana jin taifot ne, sannan a tambaye shi abin da yake ji a jikinsa: zazzaɓi na kwana nawa, ciwon ciki a wane gefe, amai ko gudawa.

Abin da aka gani aka auna

A sashe na biyu likita ya rubuta: jini 158/96, an sake aunawa bayan ta huta minti biyar aka samu 154/94, wancan zuwan 136/84. Bugun zuciya 78 a minti, daidai yake tafiya. Nauyi kilo 81, wancan zuwan 80.5. Kumburi a idon sawu biyu, yana lotsawa idan aka danna da yatsa, bai hau ƙwauri ba. Ƙafafun girmansu ɗaya, babu zafi a sha-raɓa. Jijiyoyin wuya ba su cika ba. Huhu a washe, sautin zuciya lafiya. Gwajin fitsari na yau babu furotin. Kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, 78 ne, fotasiyam 4.1, amma sakamakon wata uku da suka wuce ne. Gwiwar dama tana ƙara idan aka lanƙwasa ta, babu ɗumi, babu ruwa. Ta zo da ragowar maganinta a jaka, an ƙirga: ƙwaya 23 ta rage daga 42.

Abu uku ne suka sa wannan sashe ya yi aiki. Na farko, lambobi ne da bayanin abin da ido ya gani, ba yabo ko kushe ba. Da ya rubuta «jini ya hau» ko «ƙafa da sauƙi», da likitan gaba bai da abin kwatantawa. Na biyu, an ajiye awon yau kusa da na baya, domin a rubutun bibiya canji ake nema: nauyin da bai ƙaru da fiye da rabin kilo ba yana nuna jiki bai tara ruwa mai yawa ba. Na uku, an faɗi shekarun kowane sakamako. Gwajin ƙoda na wata uku an yi shi ne kafin ta fara daikulofenak, maganin da ke iya taɓa ƙoda, saboda haka ba zai iya zama shaidar halin da ƙodar take ciki yau ba.

A lura kuma da inda aka ajiye maganar shan magani. Cewar Hajiya tana sha jefi-jefi tana sashe na ɗaya, domin ita ta faɗa. Ƙirgar ƙwaya tana sashe na biyu, domin likita ne ya ƙirga da hannunsa. Biyun sun zo daidai da juna: ƙwaya 19 ta sha cikin kwana 42. Raba su ba yana nufin maganar majiyyaci ba ta da nauyi ba ne. A wannan misali ma labarin da ta bayar ya fi kowane awo amfani. Ana raba su ne domin mai karatu ya san daga ina kowane bayani ya fito.

Fahimta, matsala bayan matsala

Nan ne zuciyar rubutun, kuma nan ne aka fi yin rowar kalmomi. Likita ya fara da jimla ɗaya da ke taƙaita majiyyaciyar: mace mai shekara 56, mai hawan jini, wadda jininta ya sauka da amlodifin miligiram 10, yanzu ya sake tashi tare da kumburin idon sawu. Sannan ya lissafa matsaloli uku da lambobinsu, ya faɗi abin da yake zato game da kowace da kuma dalili.

Matsala ta ɗaya, kumburin ƙafa. Ya rubuta cewa mafi kusa shi ne illar amlodifin ce, domin ya ɓullo bayan an ƙara yawan maganin, ya tafi da ta daina, ya dawo da ta koma sha. Daikulofenak ma yana iya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, amma kumburin ya riga shi farawa, kuma ya saɓe a daidai lokacin da take shan sa, don haka ba shi ne babban dalili ba. Gazawar zuciya ta yi nisa, tunda babu haki, jijiyoyin wuya ba su cika ba, huhu a washe yake, nauyi bai ƙaru ba. Toshewar jijiya da gudan jini ma ta yi nisa, domin ƙafa biyu ne, girmansu ɗaya, babu zafi. Ciwon ƙoda bai yi kama ba tunda babu furotin a fitsari, amma ba a kore shi gaba ɗaya ba sai an sabunta gwajin jini.

Matsala ta biyu, hawan jini sama da inda ake so. Ya rubuta cewa maganin bai gaza ba, rashin shan sa ne: ƙasa da rabin ƙwayoyin aka sha, kuma dalilin dainawar shi ne matsala ta ɗaya. Daikulofenak na iya ƙara ɗaga jinin. Ya kuma tuna wa mai karatu cewa miligiram 5 shi kaɗai bai isa ba a baya, tunda a kansa aka samu 164/100.

Matsala ta uku, ciwon gwiwa, mafi kusa zaizayar gaɓa ce irin ta shekaru, babu alamar ƙwayar cuta ko taruwar ruwa.

Babu sabon bayani ko ɗaya a wannan sashe. Duk abin da ya ambata yana sama, aikin da aka yi a nan shi ne haɗa su da auna nauyinsu. A lura kuma da kalmomin da ya zaɓa: «mafi kusa», «ta yi nisa», «ba a kore shi ba». Suna gaya wa likitan gaba iyakar tabbacin da ake da shi. Wanda ya rubuta zato kamar tabbas ya ɗaure hannun na bayansa, wanda kuma ya zuba alamar tambaya a gaban cututtuka biyar ba tare da ya fifita ɗaya ba bai yanke komai ba.

Matakin da kowace matsala ta haifa

Sashe na huɗu ya bi lambobin nan uku dai. A matsala ta ɗaya: a mayar da amlodifin miligiram 5, ba za a ba da furusemaid ba. Ya rubuta dalili a taƙaice, domin kada wani ya ƙara shi daga baya: amlodifin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama, don haka kumburin ba na yawan ruwa a jiki ba ne, kuma maganin fitsari ba ya yi masa wani abin kirki. Ya ƙara da cewa idan kumburi bai ragu ba zuwa dawowarta, ko haki ya ɓullo, a sake duba zuciya, a yi mata hoto.

A matsala ta biyu: a gwada kiriyatinin da fotasiyam yau, idan suna lafiya ta fara lisinofiril miligiram 10 kullum tare da amlodifin ɗin, a sake gwajin bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, ta dawo awon jini bayan mako huɗu da ragowar ƙwayoyinta, abin da ake nema ƙasa da 140/90. Kowane ɓangare na wannan umarni yana da uwa a sama. An ƙara magani na biyu domin miligiram 5 bai isa ba, miligiram 10 kuma ta kasa jure shi. An sa gwaji kafin farawa domin sakamakon da ke hannu ya tsufa, kuma lisinofiril yana iya ɗaga fotasiyam ya taɓa aikin ƙoda. Maganar daina al'ada, wadda ta yi kama da ƙarin zance a sashe na ɗaya, a nan ta yi amfani, domin ba a ba mai juna biyu lisinofiril.

A matsala ta uku: ta daina daikulofenak, ta koma farasitamol, a tura ta sashen gashin ƙashi da motsa jiki don ƙarfafa cinya.

A ƙarshe ya rubuta abin da aka gaya mata kuma ta fahimta: an yi mata bayanin cewa maganin ne ya kumbura ƙafar; kada ta daina magani ba tare da ta dawo ta faɗa ba; sabon maganin na iya kawo busasshen tari; idan leɓe ko harshe ko fuska ta kumbura, ko ta ji ciwon ƙirji, ko wani sashen jiki ya mutu, ta zo asibiti nan take. Ya sa kwanan wata da lokaci, ya rubuta sunansa yadda za a iya karantawa, ya sa hannu.

Da rubutu na farko aka bi, da Hajiya ta koma gida da maganin da ke kumbura mata ƙafa, da ƙarin magani na magance illar na farko, tana kuma ci gaba da daikulofenak wanda babu wanda ya san tana sha. Kuma da kalmar gazawar zuciya ta zauna a fayil ɗinta, kowane sabon likita yana kwafa.

Yadda ake gane rubutun da ya tsinke

Akwai gwaji mai sauƙi da mai rubutu ko mai koyarwa zai iya yi cikin minti ɗaya, ta fuska biyu. Daga ƙasa zuwa sama, a ɗauki kowane magani da kowane gwaji a tambaya: wace matsala ce ta kira shi, kuma wace shaida ce ta kafa matsalar? Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta alhali babu zazzaɓi ko wata alamar ƙwayar cuta a ko'ina cikin rubutun, a nan ake kama shi. Daga sama zuwa ƙasa kuma, a ɗauki duk abin da ya saɓa wa ƙa'ida a koke ko a awo, a tambaya: an yi maganarsa a fahimta? An ɗauki mataki a kansa, ko an faɗi dalilin ƙyale shi? Sakamakon gwaji mai nuna haɗari da aka kwafa cikin fayil ba tare da kowa ya ce komai a kansa ba, wannan ya fi kowane irin tsinkewa cutarwa.

Wata alama ita ce hukunci ya kutsa cikin sashen awo. Wanda ya rubuta «tana cikin gazawar zuciya» a inda ya kamata ya rubuta abin da ya ji a ƙirji ya ɓoye shaidar, ya bar sakamakon kawai. Wata kuma ita ce mataki maras iyaka, kamar «a ci gaba da kulawa» ko «a sa ido». Nas ɗin dare tana bukatar sanin me za ta auna, sau nawa, kuma a wace lamba za ta kira likita.

Asibitocin da suka koma rubutu a kwamfuta sun sami saukin karanta rubutu, amma sun gamu da wata sabuwar matsala: kwafo rubutun jiya a manna shi yau. Sai a ga fayil yana cewa «kwana na biyu bayan tiyata» har kwana huɗu a jere, ko yana cewa majiyyaci na shan maganin da aka tsayar tuni. Saboda tsawon da irin wannan rubutu ke yi, wasu asibitoci sun juya jerin zuwa APSO, fahimta da mataki a sama, domin su mai karatu ke fara nema. Wannan sauyin wurin zama ne kawai a shafi. A cikin kan likita dole shaida ta riga hukunci zuwa.

Tsarin yana da iyakarsa. Ba ya gyara awon da aka yi ba daidai ba, kuma likita na iya jera hujjoji tsaf a kan zaton da yake kuskure. Sai dai idan hujjojin suna rubuce, na bayansa zai iya ganin inda aka kauce ya gyara. Ba ya kuma bukatar dogon rubutu. Duk rubutu na biyun nan, da gajerun alamomin da likitoci ke amfani da su, bai wuce rabin shafi ba, kuma a layin da mutum sittin ke jira a waje, jimla ɗaya mai ɗauke da «domin» a ƙarƙashin kowace matsala ta wadatar.

Rabon majiyyaci

Sashe na farko gaba ɗayansa daga bakin majiyyaci ko mai jinyarsa yake fitowa, don haka ingancin sauran ukun yana farawa ne daga gare shi. Duk wanda zai je ganin likita ya tafi da magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ya faɗi lokacin da kowane abu ya fara, da abin da ya riga wani. Idan ya daina shan magani ya faɗa, ya faɗi dalili, ko illa ce ko tsada ko mantuwa, domin kowane dalili maganinsa daban. Kafin ya tashi daga kujera kuma yana da haƙƙin ya yi tambaya uku: likita, me kake ganin yana damuna, me ka gani da ya sa ka ce haka, kuma me zan gani in dawo kafin ranar da aka ba ni? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne abin da ya kamata a tarar a rubuce cikin fayil, kuma likitan da ya amsa su da baki yakan fi samun sauƙin rubuta su daidai.